Saƙon murya da Turanci ga manajan gida: me zan faɗa, me zan bari?

Habibu Jidda: Assalamu alaikum jama'a. Daga nan Saudiyya, ina neman taimakon masu Turanci. Ruwa yana ɗiga daga silin banɗakinmu tun daren jiya. Manajan ginin Ba'indiye ne, Larabcinsa bai wuce na gaisuwa ba. Na kira sau uku, na'ura ce ke ɗauka, tana cewa in bar saƙo. Ga abin da na tsara zan faɗa, a duba min: "Hello sir, good morning sir, how is work, how is the family, sorry to disturb you, it is your tenant, the pipe is giving us problem since, please call me."

Malam Sani Jubail: Wa alaikumus salam. Malam Habibu, nahawun ba shi ne ya kashe saƙon nan ba. Ka ɗauka kai ne manajan, gidaje tamanin a hannunka, ka fito daga taro ka tarar da saƙonni bakwai. Ka saurari wannan. Wane ne ya kira? Ɗan haya. Wanne a ciki? Babu. Wane gida? Babu. Me ya lalace? Bututu, amma na kicin ne ko na banɗaki, fashewa ya yi ko toshewa, babu. Me ake so ka yi? Ka kira. A wace lamba? Ita ma babu. Kalmomin farko goma sha shida sun tafi a gaisuwa da ban haƙuri, kuma nan ne kunnen mutum yake a buɗe sosai.

Abin da za ka sa gaba shi ne ya iya tura mai gyara ba tare da ya sake kiranka ba. In saƙonka ya tilasta masa ya kira don ya yi tambaya, ka ƙara wa kanka rabin yini. Faɗa min abu uku kafin in tsara maka: lambar gidan, ko ka rufe mahabas ɗin ruwa, da ƙarfe nawa za ka fita.

Habibu Jidda: Gida na 15 ne, gini na biyu, suna kiransa B. Ban rufe komai ba, bokiti na tara. Ƙarfe biyu zan tafi dawam, wato wurin aiki.

Injiniya Bashir: Kafin a kai ga Turanci, je ka yi gwaji ɗaya, domin shi zai ba ka jimlar da ta fi kowace amfani a saƙon. A gine-gine da yawa a nan hitar ruwa tana cikin silin banɗaki, ko a maƙale a bango kusa da shi. Ka fara kashe makunnin hitar, in ma ruwan yana kusa da ƙwan fitila ka sauke na banɗakin gaba ɗaya daga akwatin wuta. Sannan ka rufe mahabas ɗin gidanka, ka buɗe famfo ɗaya ruwan da ke cikin bututu ya tsiyaye, ka jira kamar rabin awa. In ɗigar ta ragu har ta tsaya, daga naka ɓangaren ne, hita ko bututunta. In ta ci gaba yadda take, musamman in tana ƙaruwa lokacin da na sama suke wanka, daga gidan sama ne. Bambancin babba ne ga manaja: na farko mai gyaran famfo zai turo maka, na biyu sai ya nemi maƙwabcinka ya buɗe ƙofa. Kada ka bar hita a kunne bayan ka rufe ruwa, in ta rasa ruwa ƙarfen da ke dumama ta ƙonewa yake yi.

Ɗanjuma Direba: Ni dai shawarata ka shiga saitin wayarka ka ɗauki muryarka kana cewa ba ka kusa, a bar saƙo. In ya kira bai same ka ba sai ya ji.

Maman Ilham: Ɗanjuma, ka juya tambayar. Shi ne zai bar wa manaja saƙo, ba manaja zai bar masa ba.

Ɗanjuma Direba: Af, na gane. A ci gaba, ina saurare.

Habibu Jidda: Injiniya, na yi yadda ka ce. Ɗigar ta tsaya bayan minti ashirin. Amma yanzu ba mu da ruwa ko kaɗan.

Malam Sani Jubail: Madalla, yanzu akwai abin faɗa. Ban san sunan manajan ba, bari in sa masa Thomas, ka canza. Ka rubuta wannan a takarda da manyan baƙaƙe:

```
Good morning, Mr Thomas. This is Habibu, building B, flat one five.
Water is leaking from the bathroom ceiling.
I closed the main valve and it stopped, but now we have no water.
Please send a plumber today. I am at home until 2 p.m.
My number is ...
Again, Habibu, flat one five. Thank you.
```

Kalmomi hamsin da 'yan kai ne, ban da lambar waya. In kana faɗin kalma biyu a daƙiƙa, wanda shi ne saurin da ya dace da waya, zai ci daƙiƙa ashirin da bakwai ko talatin, lambar ta ƙara goma. Kada ya wuce haka.

Ka lura da layi na uku. Ya gaya masa cewa ginin ba ya cikin haɗari a yanzu, ya nuna masa inda matsalar take, ya kuma gaya masa dalilin da ba za a bar ta sai gobe ba. Ba ka ce masa hita ce ta lalace ba, domin ba ka gani ba. Ka faɗi abin da idonka ya gani da abin da hannunka ya yi, ganowa aikin mai gyara ne. In ka ce hita, aka zo da kayan hita aka tarar da tiyon da ke shiga cikinta ne ya tsage, an yi zuwa biyu ke nan.

Kalmar bututu ma na cire ta da gangan.

Maman Ilham: Na san dalili. Harshenmu ba ya raba p da f. "Pipe" a bakin Bahaushe takan fito kusa da "five", ga shi kuma akwai biyar a lambar gidan. Balarabe shi kuma p ɗinsa b ce. Filifinawa da yawa suna da irin tamu matsalar ta p da f. To ka ga mutum uku, kowa da inda harshensa ke zamewa, a kan layin waya. In akwai kalmar da za ta maye, a ɗauke ta. "Water is leaking" ba ta da inda za ta ruɗa kowa.

Sai dai Malam Sani, ka cire bututu ka bar "plumber" da "flat" da "valve". Su ma ai tarko ne.

Malam Sani Jubail: Gaskiya ne Hajiya. Amma waɗannan ko an karkace su babu wata kalma kusa da za a ɗauka a maimakonsu. Manajan gida ya ji ana maganar ruwa aka ce "flumber", ya san me ake nufi. Abin tsoro shi ne kalmar da in ta karkace sai ta zama wata kalmar ta gaske. Abu ɗaya dai, b ɗin da ke tsakiyar "plumber" ba a furta ta. In "valve" ta yi masa nauyi ya ce "I turned off the water", ta wadatar.

Alhaji Ɗanlami Makka: Ni a ganina duk wannan tsari bai kai ɗaga murya ba. Mutum ya buɗe baki ya yi magana da ƙarfi, ya fara da "urgent, urgent", za a zo da gudu. Haka muke yi da masu otal lokacin aikin Hajji.

Injiniya Bashir: Alhaji, buɗe baki na yarda, ɗaga murya kuwa a'a. Makirfon waya ƙarami ne, in ka yi ihu a bakinsa sautin fashewa yake yi. Ka riƙe wayar yadda aka saba, ko ka ɗan kawar da ita daga saitin numfashinka, kada ka sa ta a sifika, ka kashe mukayyif ko ka bar ɗakin da yake ƙugi.

Akwai dalilin da ya sa waya take cinye wasu sautuka. Layin waya na gargajiya yana ɗaukar sauti daga wajen 300 zuwa 3400 a ma'aunin Hertz, alhali sautin s da f da "th" galibin ƙarfinsu yana sama da nan. Wayoyin yanzu sun fi haka faɗi, amma da zarar kira ya ratsa wani kamfani ko ya faɗa akwatin saƙo na ofis, sau da yawa komawa yake ƙunƙuntar hanya. Shi ya sa "fifteen" da "fifty" suke zama abu ɗaya a kunne, haka "thirteen" da "thirty", har zuwa goma sha tara da casa'in. Bature da ɗan'uwansa Bature ma suna ruɗewa a nan. Maganin shi ne abin da Malam Sani ya yi, a faɗi lamba ɗaya-ɗaya: "one five". Ƙarfin murya ba ya maido da sautin da layi ya yanke.

Maman Ilham: Maganar "urgent" kuma, Alhaji, kalma ce da ke ƙarewa in an yawaita ta. Manajan da kowane ɗan haya yake ce masa gaggawa ya daina jin ta. "We have no water" ta fi ta nauyi, domin shi da kansa zai auna. In kuwa gaggawar ta gaske ce, warin gas ko hayaƙi ko ruwa a kan wayar wuta tana tartsatsi, ba maganar saƙon murya ba ce. A fita, a kira 998 na 'yan kwana-kwana, ko 911 a yankunan da take aiki kamar Makka da Riyad, Jidda tana cikin yankin Makka. Manaja ya ji daga baya.

Alhaji Ɗanlami Makka: To na ji. Amma gaisuwar da kuka yanke fa? Mutum ya kira babba ya tafi kai tsaye ga buƙata, ba ko ina kwana, ba ya iyali? Wannan a wurinmu rashin tarbiyya ne.

Malam Sani Jubail: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Gaisuwarmu tambaya ce da amsa. Ka ce ina gajiya, a ce ba gajiya. Na'ura ba ta amsawa, sai ka zama kana jera tambayoyi kai kaɗai, shi kuma yana jiran ya ji wane ne. "Good morning" da sunansa, "please" a kan buƙata, "thank you" a ƙarshe, ladabin Turanci ya cika da waɗannan ukun. Ran da kuka haɗu a bakin gini ka gaishe shi har ka tambayi mutanen Kerala.

Alhaji Ɗanlami Makka: In Musulmi ne, ɗan Pakistan ko ɗan Misra, ni ba zan fara da "good morning" ba. Sallama zan yi.

Malam Sani Jubail: Wannan ba mu da saɓani, sallama daƙiƙa biyu ce. Jerin da ke biyo bayanta nake cewa a ajiye.

Alhaji Ɗanlami Makka: Ni dai "how are you" ɗaya ba za ta kashe kowa ba.

Usaina Riyad: Ina da tambaya a kan lambar waya. Me ya sa za a faɗe ta, ba wayarsa za ta nuna masa wanda ya kira ba?

Injiniya Bashir: In wayar hannunsa kika kira da taki wayar, galibi za ta nuna. Amma in lambar ofis ce, saƙon yana iya shiga akwatin da sakatare zai saurara ya rubuta a takarda, ba tare da ya ga lamba ba. Haka in kin ari wayar wani kika kira, ko kina da layi biyu. Daƙiƙa goma ce, a faɗa kawai.

Yadda ake faɗa ya fi muhimmanci. Lambar wayar hannu a nan goma ce, tana farawa da 05. A raba ta uku, uku, huɗu, a ɗan tsaya tsakanin kowane rukuni kamar mai jiran wanda ke rubutu, domin rubutun yake yi. Sifili a ce "zero". Turawan Ingila suna cewa "oh", amma wanda Turanci ba harshensa ba ne yana iya ɗauka harafi ne. "Double five" da "triple two" ma a bar su: Indiyawa da 'yan Ingila sun saba da su, Ba'amurke kuwa sai ya tsaya tunani, kafin ya gama lamba biyu sun wuce shi. A ce "five, five". In mutumin yana wajen ƙasa, a fara da "plus nine six six", a jefar da sifilin farko, a ci gaba daga biyar.

Maman Ilham: Ni ina ganin lambar ta zo da wuri, daidai bayan suna. In yana son ya sake saurara don ya rubuta, ba sai ya bi saƙon duka ba. Sannan wasu akwatunan suna yanke mutum in ya daɗe, abin da ke ƙarshe shi ke salwanta.

Malam Sani Jubail: Ga wanda bai san ka ba, kamar in kana neman aiki ko kana tambayar gidan haya, na yarda, a faɗa a farko a maimaita a ƙarshe. Ga manajan da lambarka take cikin fayil ɗinsa, lambar gida ita ce sunanka, ita ta cancanci farkon. Saƙon daƙiƙa arba'in ban san akwatin da zai yanke shi ba.

Maman Ilham: Sakataren da ke sauraron saƙo ashirin ba fayil yake buɗewa ba, Malam. Na tsaya a kan bakana.

Usaina Riyad: To ga nawa. A kamfanin share-share nake aiki, shugabarmu Bafilifina ce. In mutum ya tashi da zazzaɓi da asuba ba ta ɗauka sai bakwai. Me zan ce?

Maman Ilham: Ƙanwata, ginin ɗaya ne, kayan ciki ne suka bambanta. Abin da take buƙata shi ne ta san gurbin wa za ta cike, yau kaɗai ko har gobe, da kuma ko takarda tana zuwa.

```
Good morning, Ms Reyes. This is Usaina, morning shift, second floor.
I am sick and I cannot come to work today.
I am going to the clinic at 9 a.m. and I will send the sick leave report by noon.
I will call you this evening about tomorrow. Thank you.
```

"Cannot" na rubuta, ban rubuta "can't" ba. A waya ƙaramar t ɗin nan ɓacewa take yi, sai a ji "can", saƙo ya juye gaba ɗaya: kin ce ba za ki zo ba, ta ji za ki zo. Na kuma sa "noon" maimakon sha biyu da a.m. ko p.m., domin nan mutane suke ruɗewa ko a rubuce. Ba sai kin lissafa mata ciwon kai da amai ba, takardar asibiti za ta yi wannan. Kada kuma ki yi alkawarin ranar dawowa tun ba ki ga likita ba.

In dole ki ambaci rana, ki haɗa da kwanan wata, domin "Tuesday" da "Thursday" a waya 'yan biyu ne. Watan kuma ki faɗi sunansa. Kada ki ce uku ga huɗu da lambobi: Ba'amurke wata yake farawa da shi, ɗan Ingila rana, kuma a Filifin tsarin Amurka aka fi bi.

Malam Sani Jubail: In ƙara a kan na Hajiya, akwai Turancin da muka taho da shi daga gida wanda a nan ba ya aiki. "I am coming" a wurinmu ina zuwa ce, wato a ɗan jira. Wanda ba ɗan Najeriya ba zai ɗauka kana kan hanya, ya tsaya kallon ƙofa. In makara za ka yi, ka faɗi mintin da ƙarfen: "I will be thirty, three zero, minutes late. I will arrive at 8:30." Haka "next tomorrow", babu wanda ya san ta, jibi sunan ranar za ka faɗa. "Flash me" kuwa kada ma ta fito daga bakinka, ma'anarta a wajensu daban ce kuma ba ta da daɗi. Lokacin salla ma haka: bayan la'asar lokaci ne a wurina da kai da Balarabe, amma ga wanda ba ya salla ba ƙarfe ba ne, kuma la'asar ɗin kanta tana matsawa tsakanin rani da sanyi. "Insha Allah" ka faɗe ta in ka so, amma ka haɗa ta da ƙarfe, domin baƙi da yawa a ƙasar nan sun koyi jin ta a matsayin wataƙila.

Ɗanjuma Direba: Wannan ta "I am coming" ta kama ni. To in na bar saƙon shi ke nan na fita haƙƙi? In aka ce ban sanar ba sai in ce a saurara?

Barista Nura Dammam: A'a, Ɗanjuma. Saƙon akwati yana hannun wanda ka bar wa, kai ba ka da kwafi. Yana iya gogewa, na'urar ma tana iya share shi bayan kwanaki. Abin da ya rage a wayarka shi ne ka kira lamba kaza na daƙiƙa arba'in, ba abin da ka faɗa ba. Don haka da ka ajiye waya ka tura rubutu, layi biyu, abin da ka faɗa ɗin nan dai, da hoto in akwai abin nunawa. Malam Habibu ya ɗauki silin da bokitin.

Ga ma'aikatan kamfani abin yana da nauyi. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, sashe na 80, ta ba mai aiki damar sallama ba tare da haƙƙin ƙarshen aiki ba in mutum ya yi fashi babu uzuri karɓaɓɓe fiye da kwana 15 a jere, ko fiye da kwana 30 a warwatse cikin shekarar kwantiragi, bayan gargaɗi a rubuce. Sashe na 117 kuma ya ba mara lafiya kwana 30 da cikakken albashi, 60 da kashi uku cikin huɗu, 30 babu albashi, amma sai an tabbatar da ciwon. Saƙon murya sanarwa ce kawai, takardar asibiti ce tabbaci, kuma yanzu tana fitowa a manhajar Sehhaty. Direban gida da mai aikin gida ba sa ƙarƙashin waɗannan sassan, nasu tsarin daban ne, to kai Ɗanjuma kada ka ɗauki lissafin nan a matsayin naka.

Na haya kuma, wanda zai biya gyara yana cikin kwantiragin da aka yi a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya. Shi ya sa ban so mutum ya ce "sorry" ko "I will pay" a saƙo don kunya. Ka faɗi abin da ya faru, ka nemi gyara, maganar kuɗi ta jira a buɗe takarda.

Alhaji Ɗanlami Makka: To in haka ne me ya sa ba za a tura muryar ta WhatsApp ba tun farko? Wa ke sauraron akwatin waya a ƙasar nan?

Injiniya Bashir: Nan ka yi gaskiya, Alhaji. Mutane da yawa a nan ba su ma kunna akwatin ba, sai dai kamfanin waya ya tura musu rubutu cewa an kira. Waɗanda ke amfani da shi galibi ofisoshi ne da kamfanonin da Turawa ke gudanarwa. In kana da WhatsApp ɗin mutum, ya fi ta fuska uku: kwafi yana hannunka, kana iya saurara kafin ka tura in ka ja alamar makirfo sama ka kulle ta, kuma alamar takan koma shuɗiya in ya saurara. Illarsa ita ce babu abin da ke tsayar da kai, sai mutum ya zuba minti uku. Shi kuma ya ga 3:10 a jiki ya ce sai anjima, ko ya sa a saurin 2x, inda Turancin da ba a saba da shi ba yake zama surutu. Daƙiƙa talatin ɗin nan dai, ko a ina.

Usaina Riyad: In ta tafi hutu ƙasarsu fa?

Injiniya Bashir: Manila tana gabanmu da awa biyar, takwas na dare a Riyad ɗaya na dare ce a can. Indiya awa biyu da rabi. Landan tana bayanmu da awa uku lokacin sanyi, biyu lokacin bazararsu, domin su suna juya agogo, mu ba ma juyawa. In kin faɗi ƙarfe ki ƙara "Saudi time". Amma mai hutu galibi ya bar wani a madadinsa, ki saurari abin da na'urar ke faɗa har ƙarshe, sau da yawa a nan ake ambaton sunansa.

Malam Sani Jubail: Wannan ya tuna min. Malam Habibu, kada ka fara magana sai ka ji ƙarar nan bayan "after the tone" ko "after the beep". Masu gaggawa suna fara faɗin suna tun na'ura ba ta fara ɗauka ba, sai saƙo ya iso babu kai. Ka ji ƙarar, ka ja numfashi ɗaya, ka fara. Kada kuma ka yi dogon shiru a tsakiya kana neman kalma, wasu na'urorin suna ɗauka ka gama. Amfanin takardar ke nan. Ka karanta ta a bayyane sau biyu kafin ka kira. In ka yi tuntuɓe a lamba, ka ce "sorry, again" ka maimaita ta daga farko, kada ka gyara rabi.

Habibu Jidda: Na bari, daƙiƙa 41 wayar ta nuna. Na tura rubutu da hoto. In bai kira ba in sake barin wani?

Maman Ilham: Ba yanzu ba. Tunda ba ku da ruwa, ba shi awa biyu, kafin nan ka sauka ka gaya wa haris, mai gadin ginin, sau da yawa shi ke da lambar mai gyaran. In za ka bar na biyu, ya fi na farko gajarta: sunanka, gida, "second message about the leak", da sabon abu ɗaya, wato wa zai buɗe ƙofa bayan ƙarfe biyu. Yau Alhamis, ofisoshi da yawa ba sa buɗewa Juma'a da Asabar, in ta wuce yau sai Lahadi.

Habibu Jidda: Matsalar ke nan. Bayan biyu maiɗakina ce kaɗai a gida, kuma ba zan so a turo mata mai gyara ba na nan.

Malam Sani Jubail: To kada ka bar shi ya yi zato. Ƙarfe nawa kake tashi daga aiki?

Habibu Jidda: Goma na dare.

Barista Nura Dammam: Goma ta yi dare ga mai gyara. Ko haris ya tsaya a kai, ko ka nemi awa biyu a wurin aiki.

Alhaji Ɗanlami Makka: Wato wani saƙon ke nan da Turanci. Malam Sani, ɗauko biro.